Yadda Ake Faɗaɗa Ƙaramin Hoto da Ƙirƙirarriyar Basira Kafin a Kai Wanki, Ba Tare da an Sauya wa Mutum Kama Ba

Hoton da ke fes a fuskar waya yakan ba da kunya idan aka wanke shi a babbar takarda. Fuska ta yi dishi-dishi, gefen hula ya yi ƙarƙara, ido ya koma ɗigon baƙi. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ninka girman hoto sau biyu ko sau huɗu, ya fito tangaran kamar yau aka ɗauka. Abin da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne, manhajar ba ta dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. Hasashe take yi. Ta koyi siffar ido da gashi da zare daga ɗimbin hotunan wasu mutane, sai ta cike giɓin hotonka da abin da ta ga ya fi kama da gaskiya. A jikin bango ko ganyen bishiya wannan ba komai ba ne. A fuskar mahaifi kuwa magana ce babba.

Za mu bi aikin da misali guda daga farko har ƙarshe. A ce iyali suna son a wanke hoton wani dattijo da ya rasu, a sa a firam mai inci 8 da 10, a rataye a falo. Hoton da ke hannu ta WhatsApp ya zo, faɗinsa fiksel 640, tsayinsa 800. Dattijon yana sanye da babbar riga mai aiki da hula, kuma yana da tsaga a kumatu.

Mataki na 1: Nemo asalin hoton kafin ka taɓa manhaja

Wannan matakin ya fi sauran duka amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Hoton da ya yi yawo daga waya zuwa waya ya sha matsa, domin WhatsApp da Facebook suna rage nauyin hoto don a samu sauƙin data. Idan kuma wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo maka, to ragowar ragowa ka samu. Saboda haka ka tambayi wanda ya fara turowa: a wace waya aka ɗauka, tana nan? Idan tana nan, a turo maka shi ta zaɓin `Document`, wanda ke kawo fayil yadda yake, ko ta imel, ko a kwafo a filashi.

Idan asalinsa hoton takarda ne da ke cikin albam, a kai shi sikana. Ƙaramin hoton fasfo mai santimita 3.5 da 4.5, idan aka saita sikana a `1200 dpi`, zai ba da kusan fiksel 1650 da 2120. Ba duka ne za su ƙunshi sabon bayani ba, domin takardar hoto ma tana da iyakar abin da ta riƙe, amma duk abin da aka samu a wurin na gaske ne, ba na hasashe ba. Idan babu sikana, a ɗauka da waya a inuwa mai haske, ba tare da fitilar waya ba, a saita wayar daidai saman hoton don kada ya karkace.

Duk abin da ka samu, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za a taɓa shi ba. A kan kwafi na biyu za a yi aiki. A misalinmu, a ce ba a samu wanda ya fi na WhatsApp ɗin ba.

Mataki na 2: Yi lissafin abin da takarda ke bukata

Hoto a waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Idan aka zo wanki, abin tambaya shi ne ɗigo nawa za su faɗa cikin kowane inci na takarda. Masu wanke hoto sun saba da 300 a inci ga hoton da za a riƙe a hannu a duba. Lissafin ba wuya:

```
fiksel ÷ inci = ppi
640 ÷ 8 = 80
8 × 300 = 2400,  10 × 300 = 3000
```

Wato hoton dattijon zai ba da ɗigo 80 kacal a inci idan aka shimfiɗa shi a takardar 8 da 10, alhali cikakken inganci na son fiksel 2400 da 3000. Da za a wanke shi a 300 ba tare da ƙari ba, da ƙyar zai wuce inci 2 a faɗi.

Sai dai 300 ba doka ba ce, ta danganta da nisan mai kallo. Ido mai lafiya yana rarrabe ɗigo kusan 290 a inci daga nisan santimita 30, kusan 170 daga rabin mita, kusan 90 daga mita ɗaya. Shi ya sa babban allon talla na bakin titi yake kyau daga nesa, in ka matsa kusa ka ga ɗigo manya-manya. Hoton falo daga mita ɗaya zuwa biyu ake yawan kallonsa, amma 'yan uwa za su matso su ƙura wa fuskar ido. Don haka 150 zuwa 200 na gaskiya sun wadatar. Wannan ya nuna giɓin bai kai yadda ake zato ba, kuma ba lallai ne a bar wa manhaja ragamar hoton gaba ɗaya ba.

Dubi adadin hasashen kuma. Ninki huɗu yana mai da 640 da 800 zuwa 2560 da 3200. Ɗigo 512,000 sun koma 8,192,000, wato sau 16. Cikin kowane ɗigo 16 da za a gani a takarda, bayanin ɗaya ne ya fito daga kyamara. Idan iyalin za su yarda da firam mai inci 5 da 7, to a gaya musu gaskiya: ƙaramin firam zai fi riƙe kamannin mahaifinsu.

Mataki na 3: Auna fuskar, ba hoton kaɗai ba

Buɗe hoton a kwamfuta, ka ja akwatin zaɓi daga kunci zuwa kunci, ka ga fiksel nawa ne. A ce na dattijon ya ba da 110. Faɗin fuskar babban mutum wajen santimita 14 ne, don haka kowane fiksel yana wakiltar fiye da milimita ɗaya. Ido guda bai fi fiksel ashirin da 'yan kai ba. Layin tsaga kuwa fiksel ɗaya ne ko biyu, ya riga ya gauraya da tabon matsar WhatsApp. Daga nan ka san inda haɗarin yake: manhajar za ta iya ɗaukar tsagar a matsayin dattin hoto ta goge ta, ko ta mai da ita tamojin tsufa.

Idan faɗin fuskar ya kai fiksel ɗari biyu ko uku, ƙarin girma yakan tafi lami lafiya. Idan kuma 'yan gomomi ne, kamar fuskar da aka yanko daga hoton taron biki, to duk fuskar da manhaja ta fito da ita tata ce, ba ta mai hoton ba.

Mataki na 4: Yi faɗaɗawa ta al'ada tukuna

Kafin ka je ga ƙirƙirarriyar basira, ka yi kwafi guda ta tsohuwar hanya. A GIMP, wadda kyauta ce, ka shiga `Image > Scale Image`, ka sa faɗi 2400 da tsayi 3000, ka zaɓi `Cubic` a wurin `Interpolation`. Wannan hanya tana raba launi ne tsakanin ɗigon da ke maƙwabtaka, ba ta ƙirƙiro gashi ko haƙori. Hoton zai fito da laushi da ɗan hazo, amma duk abin da ke cikinsa daga asali yake. Ka ajiye shi a tsarin PNG. Shi ne shaidarka, da shi za ka auna duk abin da manhaja ta kawo.

Kada ka ƙara wa hoton kaifi a wannan gaɓa, kada kuma ka goge tabo da ƙarfi. Kaifin da aka ƙara tun farko yana fito da tabon matsa, manhajar kuma ta ɗauke shi a matsayin zanen gaske ta ƙawata shi.

Mataki na 5: Faɗaɗa da manhaja, sau ɗaya kawai

Manhajojin iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai masu faɗaɗa hoto baki ɗaya, kamar Real-ESRGAN da ta fito a 2021, da Upscayl wadda kyauta ce kuma a kan kwamfutarka take aiki, da Topaz Gigapixel ta kuɗi, da `Super Resolution` na Adobe da ke ninka faɗi da tsayi sau biyu. Akwai kuma masu gyaran fuska, kamar GFPGAN da CodeFormer, waɗanda ke gano fuska su sake zana ta. Manhajojin waya irin su Remini, da ke mai da tsohon hoto tas cikin daƙiƙa, ƙarfinsu a gyaran fuska yake. Iri na biyun ya fi burge ido, shi ne kuma ya fi sauya kama.

Fara da iri na farko. A Upscayl ka zaɓi hoton asali mai 640 da 800, ka ɗauki samfurin da aka yi domin hotunan gaske, ka guji `Digital Art` wanda na zane-zane ne, yana mai da fata sumul kamar ta 'yar tsana. Ka sa ninki huɗu, ka fitar da shi a PNG. Kada ka kunna `Double Upscayl`, domin zagaye na biyu yana gina hasashe ne a kan hasashe. Upscayl tana bukatar kwamfuta mai katin hoto da ke aiki da Vulkan, don haka tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su ja ta ba. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya yin aikin da layi ɗaya:

```
realesrgan-ncnn-vulkan -i asali.png -o babba.png -n realesrgan-x4plus -s 4
```

Idan dole sai an yi gyaran fuska, CodeFormer tana da ma'auni mai suna `w` daga 0 zuwa 1. Ƙaramar lamba tana ba da fuska mai kyan gani wadda ta yi nesa da asali, babbar lamba tana riƙe kamanni ko da kyan ya ragu. Ga hoton mutumin da aka sani, ka tsaya a 0.7 ko sama.

Bayan an gama, ka rage sakamakon daga 2560 da 3200 zuwa 2400 da 3000, don ya yi daidai da kwafin mataki na huɗu.

Mataki na 6: Binciki abin da manhajar ta ƙara

Jera hotunan biyu gefe da gefe, ka sa girman kallo a 100%. Kada ka tambayi kanka wanne ya fi kyau, domin na manhaja zai ci kullum. Tambayar ita ce, me ke cikin wannan wanda babu alamarsa a wancan?

Fara da fuska. Ka ƙirga layukan tsaga a kowane kunci, ka duba bille idan akwai. Ka duba wushirya, domin manhaja tana son jera haƙora farare masu kai ɗaya. Ka duba tabon sujada a goshi, da furfurar gemu, da siffar hanci da leɓe. Ka duba idanu ko suna kallon wuri ɗaya, ko launinsu ya yi haske. Sannan ka kwatanta launin fata a goshi da na wuya da hannu. Idan fuska ta fi hannu haske fiye da yadda take a asali, an sauya ta.

Wannan matsalar launi da siffa tana da tushe. Yawancin manhajojin gyaran fuska na kyauta an horar da su ne da tarin hotuna mai suna FFHQ, fuskoki 70,000 da aka kwaso daga shafin Flickr, kuma farar fata ta fi yawa a ciki. A watan Yunin 2020 wani ya saka dusasshen hoton Barack Obama a manhajar PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke suka fitar, sai ta fito da fuskar wani Bature. Abin lura shi ne, idan aka sake ƙanƙanta wannan sabuwar fuska, tana yin kusa da dusasshen hoton da aka fara da shi. Fuskoki da yawa mabambanta suna iya komawa dishi-dishi iri ɗaya, manhajar kuma ta zaɓi wadda ta fi sabawa da ita. Manhajojin yau sun fi ta wancan lokaci, amma har yanzu wanda bai yawaita a hotunan horo ba shi ya fi fuskantar sauyin kama, kuma dattijo mai tsagar Gobirci ba ya cikin waɗanda suka yawaita.

Daga fuska ka sauko kan tufafi. Aikin aska takwas a ƙirjin riga da zanen hula suna da tsari, manhajar kuwa ba ta san tsarin ba, sai ta murɗa layukan su zama kwalliyar da babu maɗinkin da ya taɓa yin ta. Haka take yi wa zanen lalle a hoton amarya, da ƙwayoyin carbi, da yatsun da suka haɗu. Rubutu ya fi kowa shan wahala. Allon shago, lambar mota, ko rubutun Larabci a kalandar bango sukan koma wasu alamomi masu kama da haruffa amma ba sa karantuwa. Idan aya ce a bangon, gara a bar ta da hazonta da a wanke ta a gurɓace.

Mataki na 7: Haɗa biyun, ka kare fuskar

Ba dole ne ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya ba. Buɗe kwafin al'ada a GIMP, ka ɗora na manhaja a kansa ta `File > Open as Layers`. Rage `Opacity` na saman zuwa wajen 50 ko 60, sai kaifin roba ya lafa, hoton ya koma kama da na kyamara. Sannan ka shiga `Layer > Mask > Add Layer Mask`, ka zaɓi fari, ka ɗauki buroshi mai laushi da baƙin launi ka shafa a inda manhajar ta yi ƙarya. Duk wurin da ka shafa, na ƙasa ne zai bayyana.

A hoton dattijon, za ka bar aikin manhaja a bango, da gefen kafaɗa, da filin yadin riga. Za ka shafe shi a kan kumatu inda tsaga take, da baki, da aikin ƙirji. Idanu ka shafa da launin toka maimakon baƙi, don a samu rabi da rabi. Fuskar za ta ɗan fi sauran hoton laushi, kuma daga mita ɗaya ba mai lura. Idan fatar ta yi santsi fiye da kima, ɗan ƙaramin yashi daga `Filters > Noise` yana daidaita ta da sauran hoton.

Mataki na 8: Nuna wa wanda ya san mutumin

Kai da ka daɗe kana kallon hoton, idonka ya riga ya saba da sabuwar fuskar. Ka kai wa matar marigayin, ko babbar 'yarsa, ko ƙaninsa, ba tare da ka yi musu bayanin abin da ka gyara ba. Idan ka ji an ce, "Kai, ya yi kyau, amma kamar ba Baba ba," to aiki bai yi ba, ko da ba su iya nuna maka inda ya kauce ba. Ka koma ka rage `Opacity`, ka faɗaɗa wurin da ka shafe.

Mataki na 9: Gwaji a ƙaramar takarda, sannan babban wanki

A `Image > Print Size` ka tabbatar 2400 da 3000 sun zauna a inci 8 da 10. Ka fitar da fayil a JPEG mai inganci 95 ko sama, launinsa sRGB, wanda yawancin injinan wanke hoto ke karɓa. Ka kai a filashi ko ta `Document`. Idan ka tura shi a matsayin hoto na yau da kullum ta WhatsApp, za a sake matse shi, wahalarka ta tafi a banza.

Kafin babban wanki, ka yanko yankin fuska da ƙirji mai fiksel 1200 da 1800, a wanke maka a takardar inci 4 da 6. Wannan zai nuna fuskar a ainihin girman da za ta fito, a kan kuɗi kaɗan. Takarda takan fito da duhu fiye da fuskar kwamfuta, domin ita ba ta da haske a bayanta, kuma baƙar fata ce ke fara rasa bayani a wurin inuwa. Idan haka ta faru, ka ɗaga hasken inuwa kaɗan, ba hasken fatar duka ba. Ka roƙi mai wankin kada ya kunna gyaran da injinsa ke yi da kansa. Takarda marar sheƙi ta fi rufa asirin hoto mai laushi. Ka bar ɗan fili a gefe kuma, domin firam yana cinye 'yan milimitoci, kada ya yanke kan hula.

Inda bai kamata a yi amfani da wannan hanya ba

Hoton fasfo, katin shaida, ko takardar makaranta ba wurin gyaran fuska ba ne. Ana son su ne don a gane mutum, kuma hoton da aka sauya zai iya jawo ƙin karɓa ko tuhuma. Haka hoton shaida. Wanda ya faɗaɗa dusasshiyar fuska daga kyamarar tsaro ya yaɗa ta da sunan ɓarawo, yana iya jefa marar laifi cikin bala'i, domin fuskar da ta fito za ta yi kama da wani, ko da ba shi ne a wurin ba. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara da manhajar Topaz a wata shari'ar kisa, saboda hanyar tana nuna abin da manhaja ta zata ne, ba abin da kyamara ta ɗauka ba. Tsofaffin hotunan tarihi, na sarakuna da malamai, su ma idan za a buga su a littafi ko mujalla bayan an faɗaɗa, a rubuta a ƙasa cewa an yi hakan, don kada na baya su ɗauki fuskar a matsayin hujja.

Akwai kuma batun sirri. Yawancin manhajojin waya da shafukan intanet masu wannan aiki suna ɗora hoton ne a kwamfutocin kamfaninsu kafin su dawo maka da shi. Mai shagon hoto da aka ba amanar hoton matar aure ko na yara, bai kamata ya ɗora shi ba sai da izinin masu shi. Manhajar da ke aiki a kan kwamfutar shago ba tare da intanet ba ta kauce wa wannan matsala.

Idan ka miƙa aiki, ka haɗa wa iyalin fayil biyu, na asali da wanda aka faɗaɗa, kowanne da sunan da ke nuna ko wanne ne. Ka gaya musu wuraren da manhaja ta taɓa. Hoton da ya fi kyau shi zai yaɗu a wayoyin dangi, ya shiga kalandar tunawa, har a manta akwai wani kafinsa. Ajiye na asalin shi zai ba da damar sake aikin idan an samu hanya mafi inganci, shi ne kuma abin komawa duk ranar da aka yi gardama a kan kamannin mutumin.